Malama Jan Biro da Shafukan da Suka Ɓata

Tun tana koyar da harshe a makarantar sakandare ake ce mata Jan Biro, kuma ba don yabo aka raɗa mata sunan ba. Ɗalibi zai kawo mata rubutunsa tsaf, ta mayar masa da shi kamar an yanka kaza a kai. Ita ma ta san halinta. Takan ce Allah ya yi wa wasu baiwar murya, wasu ta kyau, ita kuwa aka ba ta ido mai tsinto laifin mutane, kuma ba wanda ya taɓa gode mata a kansa. Idan tana cikin mota ta hangi allon shago da kuskuren rubutu, sai ta ji kamar tsakuwa a takalminta har su isa inda za su.

Da ta yi ritaya, zaman gida ya gagare ta. Maigidanta, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota kuma ya ajiye, ya lura cewa tunda babu ɗalibai, gyaran ya dawo kansa. Shi ya fara ba ta shawarar ta nemi aikin fassara.

"Malama, ki samu takardun da za ki riƙa yi wa faɗa," in ji shi. "Ni na tsufa da komawa aji."

Haka ta ajiye tebur a ɗakin da firiza take, ta sayi kwamfuta ta hannu da wata tsohuwar firinta mai tari kafin ta fitar da takarda. Ta fara da ƙananan ayyuka, sanarwar asibiti, takardar wayar da kai, daga Turanci zuwa Hausa. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma tana alfahari da ita fiye da kima: ba ta fassara ko kalma ɗaya sai ta karanta takardar daga farko har ƙarshe. Ta duba ko lambobin shafuka na bin juna, ko abin da aka faɗa a gaba ya yi daidai da na baya, ko hoton da aka ce a duba yana nan. Abin da ta gani ba daidai ba, ba ta gyara shi da kanta, ba ta kuma cike gurbi da zato. Mai takarda take tambaya. Da yake idonta ba ya jure hasken kwamfuta, sai ta buga komai a takarda tukuna take karantawa.

Aikin da ya fi kowane girma ya zo mata daga wata ƙungiya mai koya wa mata kiwon kaji. Ɗan littafi ne da likitan dabbobinsu ya rubuta, za a raba wa matan a wajen horo. Jami'ar shirin, wata mace mai fara'a da saurin magana, ta turo shi ta imel, ta ce lokaci ya ƙure, maɗaba'a na jira.

Malama ta buga, ta tattara takardun, ta gyara zaman tabarau. Ba ta yi nisa ba ta fara cin karo da abin da ranta ke so. An ce a duba hoto na shida, ga hoto na biyar, ga na bakwai, na shida ko sama ko ƙasa. Ta ja layi. Can a babin magani, an ce a zuba cokalin shayi ɗaya na garin maganin a lita biyar na ruwan shan kaji. Amma a jadawalin da ke ƙarshen littafin, wannan maganin dai, an ce cokali ɗaya a lita biyu. Ta ja layi biyu. Sai kuma babbar ganima: shafi na goma sha shida ya ƙare a tsakiyar jimla, na gaba da shi kuwa na goma sha tara ne. Shafi biyu cur babu su.

Ta miƙe tsaye da takardun a hannu, ta tarar da maigidan a tsakar gida yana gyaran rediyonsa.

"Baban yara, ka ga aikin masu digiri! Littafi ba shafi biyu, kuma wai maɗaba'a na jira."

"To ki kira su mana ki tambaya."

"Wannan ba maganar waya ba ce. Da ƙafata zan je."

Gaskiyar magana, maganar waya ce. Amma Malama ta daɗe ba ta tsaya gaban mutum ta nuna masa kuskurensa da yatsa ba, kuma ta yi kewar abin. Ta rubuta tambayoyinta uku a takarda, kowace da lambar shafinta, ta sa ɓatattun shafukan a sama saboda su suka fi ƙara. Ta ɗauko mayafin da take zuwa taron iyaye da malamai da shi. A cikin tasi har tana bitar yadda za ta fara, da sassanyar muryar nan da ɗalibai suka fi tsoro fiye da tsawa.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani, da fanka mai ƙara da kwalaye jingine a bango. Jami'ar ta tarbe ta da murna, ta ja mata kujera.

"Mama, da kanki? Ince dai lafiya?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Sai dai ban fara aikinku ba, kuma ba zan fara ba." Ta shimfiɗa takardun a kan tebur, ta ɗora yatsa. "Sha shida. Sha tara. Ni dai a makarantar da na koyar, akwai wasu lambobi a tsakani."

Jami'ar ta zaro ido, ta juya ga kwamfutarta, ta buɗe saƙon da ta tura. Ta gangara a hankali. Sai ta gyara zama, tana neman hanyar da za ta faɗi magana ba tare da ta kunyata babba ba. Daga nan ta juyo da fuskar kwamfutar.

"Mama... ga su nan. Sha bakwai, sha takwas. Ga ma hoto na shida a na sha takwas ɗin. Ko dai firintarki ce?"

Malama ta dubi shafukan. Suna nan daram, har da hoton wata kaza da ke kallonta ido cikin ido. Nan take ta tuna cewa firintar ta yi tarinta a tsakiyar aiki, ta tsaya, ita kuma ta ɗan buge ta a gefe kamar yadda ta saba, ta ci gaba. Ko sau ɗaya ba ta buɗe ainihin saƙon ta gwada da abin da ta buga ba. Ita da ta sha gaya wa yara su duba aikinsu kafin su miƙa. Ta ji zufa na bin bayanta a ƙarƙashin mayafin taron iyaye. Tambaya uku ta zo da su, biyu sun mutu a gabanta cikin numfashi ɗaya.

"To," ta ce, tana tattara takardu. "Firinta ce. Allah ya shirye ta."

Ta riga ta saɓa jaka. Ranta na gaya mata ta sauka matakalar nan tun da sauran mutuncinta, ta je gida ta zaɓi ɗaya daga cikin ma'aunin biyu ta fassara, ba wanda zai sani. Wa zai ƙara sauraren tsohuwar da ta hau tasi don ta kawo ƙarar firintarta? Har ta kai bakin ƙofa. Sai ta tuna cewa matan da za su karanta littafin ba su da Turancin da za su koma su duba. Abin da ta rubuta, shi za su zuba wa kajinsu.

Ta dawo ta zauna, wannan karon a bakin kujera.

"Akwai sauran guda ɗaya. Amma don Allah duba a kwamfutarki tukuna, kada in sake yin abin kunya."

Jami'ar ta duba babin magani, ta duba jadawalin. Lita biyar a nan, lita biyu a can. Murmushin ya ɗan ragu.

"Wannan kam haka yake. Mama, ba za ki sa wanda kika ga ya fi dacewa ba? Wallahi lokaci ya tafi."

"'Yata, ni kaza a tukunya kawai na sani. In na zaɓa, ƙuri'a na jefa. In na fassara duka biyun yadda suke, na raba wa mata rikici da Hausa mai kyau. Wanda ya rubuta shi ne zai faɗa."

Aka kira likitan a waya, jami'ar ta sa yadda kowa zai ji. Yana wata gona, ana jin kukan kaji a bayansa. Da farko ya ce ba zai yiwu ba, shi da kansa ya duba littafin. Jami'ar ta karanta masa wuraren biyu. Sai ya yi salati.

Ashe jadawalin daga tsohon bugu aka ɗauko shi, lokacin da suke raba wani garin magani marar ƙarfi sosai. Da aka koma sabo mai ƙarfi, ya gyara babin, ya manta da jadawalin. Lita biyar ne daidai. Wadda ta bi jadawalin za ta ba kajinta fiye da ninki biyu na abin da ya kamata, kuma jadawalin ne mata za su fi dubawa, don shi ne a taƙaice.

"A gyara a fassarar kawai," in ji shi.

Malama ta matso kusa da wayar. Muryarta ta fara dawowa.

"Likita, a gyara a naku na Turanci tukuna, a turo mini gyararre a rubuce. In ba haka ba, gobe wani zai ɗauki tsohon ya fassara zuwa wani harshe, a koma gidan jiya. Kuma tunda daga tsohon bugu jadawalin ya fito, a duba sauran layukansa duka."

Ya duba da yammacin ranar, ya sami wani layin ma da ya tsufa. Washegari gyararren littafi ya iso, maɗaba'a kuma ta ɗaga musu ƙafa.

A ranar da ta je ofishin, da ta koma gida, maigidan na nan inda ta bar shi.

"Yaya, kin yi musu karatun?"

"An yi karatu," ta ce, ta wuce ɗaki ba ta tsaya ba.

Ta durƙusa da ƙyar ta leƙa bayan firiza. Ga takarda ɗaya a can ta yi ƙura, shafi na sha bakwai. Ta buɗe murfin firintar, ga na sha takwas a cukurkuɗe, rabin kaza a buge. Tana cikin jawo shi maigidan ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi takardar, ya dube ta. Mutumin kirki ne, ya danne dariyarsa. Sai dai kafaɗunsa da suka riƙa rawa har ya juya.

Ta fassara littafin cikin natsuwa, aka buga, aka raba. Ƙungiyar ta ci gaba da ba ta aiki, har ta kai suna turo mata takardunsu ta karanta tun kafin su kammala su. Likitan ya zo gaishe ta sau ɗaya, ya kawo mata 'yan tsaki a kwali don godiya. Ta karɓa da fara'a, ta rasa yadda za ta ce masa ba ta taɓa kiwon ko tantabara ba. Maigidan ne ya yi musu akurki a bayan kicin, kuma shi yake kula da su har suka girma. Idan lokacin magani ya yi, yakan ɗauko littafin da matarsa ta fassara, ya riƙe shi nesa da ido, ya karanta da ƙarfi, ita kuma tana daga ɗaki tana gyara masa karatu.