Gaisuwar da ta cinye aikin Illa

Illa direban Zango, ladabi ne ya yi masa yawa. A farin da aka yi a 2010, wata ƙungiya mai rabon hatsi a Tirmini ta ce za ta ɗauke shi aiki, in ya kawo lambar wayar mai shaidarsa kafin Juma'a. Mai shaidar, shugaban garejinsu na da, ya koma Agadas, kuma tsohon ubangidansu Alhaji Mala kaɗai ke da lambarsa.

Illa ya rubuta wa Alhaji saƙo. Ya gaida iyali, ya tambayi ciwon gwiwa, ya jajanta rashin ruwa, har wurin rubutu ya cika. Ya aika, kuɗin wayar salula suka ƙare kafin saƙo na biyu da zai roƙi lambar.

Ran Asabar amsa ta iso: "Lafiya lau, ɗana. Kai kaɗai ke gaishe ni ba ka roƙon komai."