Abin Da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Ina aji huɗu a firamaren Fagam, lokacin da kuɗin fetur suka fara kawo mana leda da takalman roba, malaminmu na aikin hannu ya ce kowa ya zo da shara daga gida. Da na gaya wa Inna, sai ta harare ni.

"Wace shara? Gwangwanin madara da shi nake awon gishiri. Juji kuma na gonar babanka ne."

Kusan dukkanmu muka koma hannu rabbana. Malam bai yi faɗa ba. Ya jira har damina ta yi nisa, sannan ya kai mu gonar bayan makaranta, inda jakuna suka zuba taki tun bazara. Kashin awaki da toka da ƙaiƙayi duk sun zama ƙasa. Leda da tsinkakkun silifa kuwa suna nan a gindin dawa, ko gezau.

"Ku tsince abin da ƙasa ta ƙi ci," in ji shi.

Muka wanke su. Mata suka tufka ledar ta zama igiya, mu maza muka yanka silifa muka yi tayoyi, muka sa wa motocin kara. Tawa ta yi ta gudu har kaka.

Bana na je wannan gona. Leda ta rufe kunyoyi, har garma tana sarƙewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. A zamaninmu sai da muka yi rige-rige kafin kowa ya samu ta igiya ɗaya.