Marfin Kwalba Uku a Zauren Baba

Shekarar da yayata ta zama shugabar matan unguwarmu masu ɗinkin hula, a shekarar na buɗe ɗan shagon ɗaukar hoton fasfo a Tsanyawa. Ina da kyamara da kwamfuta da sola mai faranti biyu, sai girman kai da ya fi su duka nauyi. A ƙauyenmu kuwa, in an san ka iya danna kwamfuta, an ɗauka har lissafin ranar saukar damina ka iya.

Matan nan sun daɗe suna ba dillalin kasuwa hulunansu, yana saye yadda ya ga dama. Sai Allah ya haɗa Yaya da wata Hajiya mai sayar da kayan gargajiya ta intanet a Abuja. Hajiya ta ce za ta ba su gurbi a shafinta kafin kasuwar Sallah, amma tana son hoton kowace hula ya iso mata zuwa ranar Juma'a. In ya wuce Juma'a, akwai wasu masu ɗinki da ke jiran gurbin. Hulunan kuma sun haura ɗari huɗu.

Na sa kafinta ya yi mana mariƙin katako, faifai a sama inda bakin hula zai zauna daidai, da ƙafa guda mai tsawon taƙi a ƙasa. Muka ɗora shi a kan teburi a zauren Baba, saboda nan ne haske ke shigowa sosai, muka rataya farin yadi a bayansa. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a tsakiyar zauren, na ce wa Yaya ta riƙa ɗora hula, ta danna, ta sauke, kada ta taɓa komai. Ni na koma shago, ita ta kwana uku tana wannan aiki. Kowace hula ta ɗora, sai ta liƙa 'yar takardar farashinta a jikin ƙafar katakon, don a ganinta mai saye zai so ya san kuɗin.

Ranar Laraba muka tura wa Hajiya hotuna biyar ta gani. Ta ce huluna sun yi kyau, amma ba ta sa hoto a shafinta sai hula kaɗai a kan fari, ba katako, ba takarda. Yaya ta zo shagona da fuska a ɗaure. Sake ɗauka ba zai yiwu ba, don rabin hulunan sun koma hannun masu su a ƙauyukan da ke wajen Kunci da Makoda.

Na yi dariya na ce, "Yaya, wannan ai kafin ki sha fura an gama."

Abin da na dogara da shi ba ƙarya ba ne. Manhajar gyaran hoto tana da wata hanya ta naɗar aiki. Za ka danna maɓallin naɗa, ka yi aikin sau ɗaya a kan hoto guda, ita kuma tana rubuta kowane mataki da ka ɗauka. Na buɗe hoton farko, na shata wurin da ƙafar katako da takardar suke, daga ƙasan bakin hula zuwa gindin hoton. Na ce wa manhajar ta cike wurin da irin abin da ke kewaye da shi, sai ta ɗebo farin yadin ta shafe katakon kamar ba a taɓa kafa shi ba. Na ajiye, na rufe, na tsayar da naɗar. Daga nan abin da ya rage shi ne ka nuna mata foldar hotuna ka ce ta maimaita a kan kowanne.

Na gwada a kan biyar ɗin farko, suka fito tas. Na sake ta a kan sauran duka, na nuna mata wata folda daban inda za ta riƙa zuba waɗanda ta gyara. Wannan ce kaɗai hikimar da na yi ranar, kuma ba don wayo na yi ta ba, sabo ne kawai. Na bar Yaya da kwamfuta na tafi cin ƙosai, ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa yanzu haka na'ura na yi mini aikin mutum goma.

Da na dawo na tarar da Yaya ta yi tagumi a gaban kwamfutar. Hotuna kamar hamsin na farko lafiya lau. Daga nan sai abin ya canza. A wasu, rabin takardar farashin na nan a gefe tana leƙe. A wasu, an cinye bakin hular, an dama zaren da fari kamar an zuba masa koko. Yaya ta nuna mini wata shuɗiya mai zanen da na sani, don na sha ganinta a hannunta tana ɗinki.

"Wata biyu na yi a kan wannan," ta ce. "Dubi abin da na'urarka ta mayar da ita."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini zafi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a gabanta ba. Matan nan ita suka amince wa, ita kuma ni ta amince wa. Na gaya mata hotunan asali na nan ba a taɓa su ba, ta ɗan saki ajiyar zuciya. Amma na san in da hannu zan bi su ɗaya bayan ɗaya, batirin solata ba zai kai ni Juma'a ba, ko da idona zai kai.

Naɗaɗɗen aiki ba ya gani. Inda ka shata a hoton farko, nan zai shata a na ɗari uku, ko katako ne a wurin ko hula. Tunda ya ci hula, to hular ce ta matsa a cikin hoton, ke nan an motsa kyamara. Ina da saurin fushi, kuma mai kunya ya fi kowa neman wanda zai ɗora wa laifi. Muka hau babur muka koma gida, na shiga zaure ina faɗa, wai na ce kada a taɓa, kada a taɓa, amma mutanen gidan nan ba sa jin magana.

Baba na zaune a kan buzunsa yana duba wani littafi. Malami ne, ya tsufa, gwiwa ta hana shi zuwa masallaci, don haka a zauren yake salla tare da wasu tsofaffin maƙwabta biyu. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni ne na taɓa."



"Abin naka a tsakiyar sahu ka kafa shi," ya ce. "In azahar ta yi, yayarka ta shiga ciki, sai in ɗauke shi in jingine, mu yi salla, in mayar da shi inda na ga yake. Haka da la'asar. Da magariba in ɗauke shi gaba ɗaya, da safe in mayar. Na zaci na kyauta."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ni da aka haifa a gidan, na kafa kyamara a wurin sallar ubana ban ko tuna ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, sauri ne ya haifi nawa, ya koma kan littafinsa.

Yaya ce ta fara gano bakin zaren. Ta ce, "To ai ke nan tsakanin salla da salla ba wanda ya taɓa shi." Na tsaya na dube ta. Kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi da lokacin. In kyamara ba ta motsa ba sai lokacin salla, to hotunan ba a warwatse suke ba, kashi-kashi ne: na safe, na bayan azahar, na bayan la'asar, har kwana uku. Kashi tara ke nan.

Ranar Alhamis tun da hantsi muna shago. Na jera hotunan bisa lokacin ɗauka, sai ga giɓin ya fito fili, inda hoto ke bin hoto minti-minti sannan a yi shiru na rabin awa ko fiye. Yaya na kallo tana cewa, nan azahar ce, nan la'asar, nan kuma ranar da aka yi baƙi aka daɗe. Na zuba kowane kashi a foldarsa. Ban sake naɗar aikin daga farko ba. Na riƙa kwafarsa, in sake naɗar matakin shatar kaɗai a kan hoto ɗaya na wannan kashi, sauran matakan su zauna yadda suke. Kuma wannan karon ban yarda da biyar ɗin farko ba, sai na gwada na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin in saki sauran.

Ban tafi cin ƙosai ba. Muka zauna muna kallon hotuna na buɗewa, katako na ɓacewa, suna rufewa. Yaya ta duba su ɗaya ɗaya da idon mai ɗinki, wanda ya fi nawa nisa. Ta tsamo kusan ashirin inda hula ta zauna a karkace a kan faifan, waɗannan na gyara su da hannu. Da muka zo kan shuɗiyar nan, ta sa na ƙara girman hoton har zare ya fito, ta bi bakin hular da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta ce in wuce.

Da safiyar Juma'a muka tura, sabis na ja da ƙyar. Kafin a tafi masallaci Hajiya ta amsa cewa sun yi, ta kuma tambaya ko za a samu wasu bayan Sallah. Yaya ta karanta saƙon sau biyu, ta ɗaure wayar a bakin mayafinta, ta ce bari ta je ta gaya wa mata. Na ji daɗi ƙwarai, har na manta da yi wa kowa alfahari.

Bayan Sallah na dawo da kyamara don sababbin huluna, na ce wa Baba zan nemi wani wuri in bar masa zaurensa. Ya ce ina zan sami haske irin wannan, in kafa kawai. Na kafa, na daidaita, na shiga cikin gida shan ruwa. Da na fito na same shi a durƙushe, da gwiwar nan tasa mai ciwo, yana buga marfin kwalbar lemo a cikin daɓen ƙasa da dutse, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa ta kyamarar. Na ce ya bari in yi, ya ce tunda shi ke ɗaukewa, shi ya kamata ya san wurin mayarwa.

Hotunan wannan karon da naɗi ɗaya na gama su. Marfin kwalbar uku suna nan a zauren har yau, sun yi tsatsa, kuma mai shara ya san ba a cire su.