Buhu Ɗaya a Kan Goma

Malamina na jami'a ya yi ritaya ya koma gida Bebeji, amma bai iya zama ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ko gawayin ɓuntun shinkafar Tudun Wada zai farfaɗo da gonakin masarar Riruwai, inda haƙar kuza ta gajiyar da ƙasa. Ni ya kira in yi masa lissafi, duk da ya sha cewa kaina kamar rariya yake.

Lokacin ciwon hanta ya riga ya ci jikinsa. Shi ya sani, ni ma na sani.

Kafin a fara gwaji, dole a san gonaki nawa za a sa, don in gawayin na da amfani kada ya kuɓuce mana. Wannan kuwa sai an faɗi girman bambancin da ake nema. Yadda amfanin gona ke hawa da sauka tsakanin maƙwabta mun ƙiyasta shi daga girbin baya. Girman bambancin ne ya gagara, don ba wanda ya taɓa gwada abin a irin wannan ƙasa.

Malam ya ce mu tambayi masu gonar ƙarin da zai sa su ɗauki wahalar. Kara ta hana su magana, kowa sai ya ce, "Ai ko kaɗan alheri ne, ranka ya daɗe." Sai da muka bi su ɗaya-ɗaya suka yarda cewa buhu ɗaya a kan goma ya isa.

Na buga lissafin. Da biyu a kan goma muka nema, gonakin da za mu iya bi a damina ɗaya sun isa. Amma in ka rage bambancin da rabi, ya koma ɗaya, gonaki ninki huɗu kake bukata. Damina huɗu ke nan.

Muna Kwanar Dangora a mota na ce, "Malam, mu sa biyu. Wa zai ce mun yi ƙarya, tunda ba a taɓa yi ba?"

"Ɗana, in ɗaya ne gaskiyar fa? Mu rasa shi, a ce an gwada bai yi ba, a binne maganar har abada."

Na ji haushinsa ƙwarai. So nake ya gani da idonsa. Amma ɗayan muka sa.

Bayan girbin farko ya kwanta. Shi da ya hana ni leƙa sakamako kafin a gama, shi ya riƙe hannuna ya ce in duba masa. Na duba. Gonakin sun yi kaɗan, lissafin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Malam, bai nuna komai ba tukuna."

Sai ya tambaye ni ko an fara tara ɓuntun baɗi. Na ce an fara. Bai kai shuka ba.