Tukunyar Lauratu a Kan Tsauni

Duk wanda ya taɓa cin garau-garau a kasuwar Ƙaraye ya san Lauratu 'yar ƙauyen Turawa. Shekara talatin tana dafa shinkafa da wake, amma ba a taɓa ganin ta latsa wake don ta ji ko ya nuna ba. Wai ai raini ne! Da ta sallame asuba take ɗora wake, rana na taɓa katanga ta zuba shinkafa, shi ke nan. Haka ta gada wurin uwarta, haɗe da wani kashedi da ya zauna mata a rai: ran da tukunyarki ta tafasa ta ƙi nuna, an taɓa miki hannu, kada ki kuskura ki ɗauki ɗan kowa.

Bara autarta Bahijja ta haihu a Gembu, can kan tsaunin Mambila, inda mijinta ke cinikin shanu. Lauratu ta ƙulle waken gonarta, ta sha tafiyar kwana biyu, mota na hawa tana salati. Tana isa ta rungume jikan, ta yi masa kirari.

Washegari ta ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa, ta zuba shinkafa a kan lokacinta. Da aka sauke, shinkafa da ɗan gari-gari, wake kuwa tsakuwa. Kashegari ta dage da ice har wuta na lasar murfi, sai ruwan ya ƙone ƙurmus, gindin tukunya ya kama, wake na nan yadda yake. Wakenta, hannunta, to saura me?

Innalillahi! Ga shi ta riga ta ɗauki yaron. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Jariri ya yi atishawa, sai ta zabura. Idan Bahijja ta miƙo shi, sai ta ɓoye hannu a mayafi.

"Inna, me ya yi miki?" in ji Bahijja, idonta ya ciko.

"Hannuna da sanyi."

Ta kasa faɗa wa maijego gaskiya. Ana gobe suna ta yanke shawara: gara a ce ta gudu da a ce ta ci jikanta. Da hantsi ta ɗauki ƙunshinta ta sulale.

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Zaituna, maƙwabciya, Bafulatanar Rogo da aure ya kawo nan shekara goma. Bayan gaisuwa Zaituna ta dubi ƙunshin.

"Inna Lauratu, ina zuwa, ga suna gobe?"

Lauratu ta fashe da kuka, ta zayyana mata komai. Zaituna ta riƙe baki.

"Haba Inna! In haka ne duk garin nan an taɓa mana hannu. Ni ma da na zo sati na yi ina zubar da wake, sai wata malamar asibiti ta warware min. A kan tsauni iska ba ta da nauyi, ba ta danne ruwa kamar a gida, sai ya tafasa tun zafinsa bai kai na can ba. Tafasar ce kike gani, amma zafin da saura."

"Ai na ƙara wuta."

"Ko kurmi kika ƙona, in ya tafasa ba ya ƙara zafi, ƙonewa kawai zai yi. Lokaci yake so. A jiƙa wake ya kwana, a ƙara ruwa, a jefa 'yar kanwa, a danne murfi. Shinkafar ma sai an ƙara mata ruwa da haƙuri."

Lauratu dai ba ta yarda ba, don maganar uwa ba ta goguwa da baki. Amma ta bari aka karɓe ƙunshin, aka jiƙa wake.

Ranar suna ta ɗora tukunya. Rana ta taɓa katanga, hannunta ya nufi shinkafa, Zaituna ta riƙe shi. Suka zauna. Rana ta hau, mata suka fara shigowa, a ɗaki yaro na tsala kuka, kowane kuka kamar a ƙirjinta. In wannan ma ta ƙi fa?

Can Zaituna ta buɗe murfi ta miƙo mata ludayi. Lauratu, wadda shekara talatin ba ta latsa wake ba, ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta runtse ido, ta matsa.

Ya narke luguf a yatsunta.

Ba ta ko jira an zuba shinkafa ba. Ta faɗa ɗaki da waken a hannu, ta durƙusa gaban Bahijja, hawaye na zuba.

"Miƙo min mijin nawa," ta ce. "Kwana uku ina jin kukansa."