Sannun Faccalata

Ƙarshen bazara ne, hadari yana haɗuwa kullum da la'asar ya watse ba ruwa. Shekarar da sojojin da aka kai Gabashin Afirka yaƙin Jamus suka komo gida ke nan. A Tudun Wada, wadda a lokacin gidajenta ba su da yawa, kowa kunnensa yana tashar jirgi. Wani gida a yi guɗa, wani gida a shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Mu namu ya dawo, wato ƙanin maigidana. Ya dawo da tari, da bargo ɗaya, da mata. 'Yar bakin teku ce, Musulma, siririya, an ɗaura musu aure can. Yadda ya shigo da ita jirgin ruwa kuwa, bai taɓa ba da labarin iri ɗaya sau biyu ba.

Kwana huɗu ya yi aka kira shi Kaduna karɓar takardar sallama. Kafin ya tafi ya koya mata Hausa a tsaye, yana ɗaura kaya. Ya ce abin da suke cewa pole a yarensu shi ne sannu, karibu shi ne maraba, asante shi ne na gode. Ya ce da waɗannan uku za ta zauna da kowa lafiya. Ya bar mana ita.

Inna, uwar mazajenmu, ba ta da mugunta, amma gaisuwa a wurinta ba abin wasa ba ce. Da safe sai ka durƙusa ka bi ta ɗaya bayan ɗaya: kwana, gajiya, zafi, ƙafa. Faccalata kan zo da sassafe ta sunkuya, ta taɓa ƙafar Inna, ta ce, "Shikamoo." Sai ta tsaya tana jira. Inna ma ta tsaya tana jira. Su yi ta kallon juna har kunu ya huce.

Ran na uku da tafiyarsa aka zuba wa faccalata tuwo. Ta wanke hannu, ta ga Inna za ta wuce, ta tura kwanon gabanta da fara'a ta ce, "Maraba, Inna."

Inna ta tsaya. "Ni?"

"Maraba."

"Uwar yara," Inna ta ce da ni, don haka take kirana, "zo ki ji. An yi mini maraba a gidan da na sa aka yi wa jinka. Ashe ni ce baƙuwar."

Daren ranar ta faɗa wa maigidana, ni ina ji, cewa ranar da ƙaninsa ya dawo, ranar zai nemi yadda zai mai da yarinyar inda ya ɗauko ta. Ta ce kwana bakwai ba ta ji sannu ɗaya daga bakinta ba. Maigidana ya ce to, don shi kome Inna ta ce, to ne. Ni na san ba ta da inda za a mai da ita. Ko sunan garinsu ba mai iya faɗa a unguwar.

Abin da ya ɗaure mini kai, ni tana yi mini sannu. Na sauke tulu, sannu. Ina daka, sannu. Ɗana ya faɗi ya goge gwiwa, ta yi masa sannu ta fi goma, har ya manta da kukan ya tsaya kallonta. Maƙwabciyarmu kuma ta shigo ta same ta zaune a inuwa ta ce, "Sannu da hutawa." Sai na ga faccalata ta tashi tana duba hannuwanta da ƙafafunta, ta shafa fuska.

Na ja ta bayan rumbu muna tsince wake. Hausarta ta bariki ce, guntu-guntu, sauran da hannu muka ƙarasa.

"Me ya sa ba kya yi wa Inna sannu?"

Ta zaro ido. "Inna ciwo?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Inna aiki?"

Na yi tunani. "A'a."

"Mutum mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

Ta buɗe hannu, alamar to me za a yi wa sannu. A hankali na gane. Su pole sai ga wanda wani abu ya same shi: mai ciwo, mai makoki, mai tuntuɓe, mai fama da aiki. Idan abin ya yi tsanani a ce pole sana. Tsohuwa mai ƙoshin lafiya a kan tabarma tana cin goro, ba a yi mata pole. Mu kuwa sannunmu ba ta zaɓe, har mai hutawa tana samu. Karibu kuma ba ga baƙo kaɗai ba, da ita suke tayin abinci, inda mu za mu ce bisimilla. Shikamoo ita ce babbar gaisuwar da ƙarami yake yi wa babba, kuma dole babban ya amsa da marahaba. Ta ƙirga mini da yatsu safiya bakwai da Inna ta ƙi amsa mata, idonta ya ciko.

Na kai wa Inna bayanin da yamma, a hankali, ina matsa mata kafaɗa.

"Sai ki ce mata marahaba, Inna. Kusan maraba ce."

"Daga ina ta zo da zan yi mata maraba da asuba? Daga ɗaki zuwa tsakar gida?"

"Al'adarsu ce."

"Ita ma sannu al'adarmu ce. Wato sai na karye za a gaishe ni."

Na ga tana juya goro a baki.

Da safe faccalata ta zo ta sunkuya. Kafin ta buɗe baki Inna ta dafa ƙugu ta ce, "Wash, bayana." Inna da ba ta taɓa ciwon baya ba, wadda take zuwa cikin birni a ƙafa ta dawo.

Yarinyar nan ta zube. "Sannu, Inna. Sannu. Pole sana. Sannu." Ta ruga ta ɗumama man gyaɗa, ta kwantar da Inna ta shiga murza mata baya da wani irin tausa na garinsu, tana yi tana sannu. Inna ta lumshe ido. Kashegari ciwon ya koma gwiwa. Wanshekare wuya. Da na ce ko a kira wanzami ya yi mata ƙaho, ta harare ni ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ranar da mijin faccalata ya dawo, ya gaida Inna ya tambayi yadda ta ga baƙuwa. Maigidana ya soma gyaran murya zai isar da saƙo, Inna ta ce ya yi shiru.

"Kai ne ka koya mata Hausa?"

"Ni ne, Inna."

"Kada ka ƙara. Ka bar wa uwar yara. Yarinya ta fi ka tarbiyya." Ta juya wajen faccalata, wadda ta sunkuya ta yi shikamoo ɗinta duk da rana ta yi tsaka. Inna ta ɗan tauna kalmar, kamar mai gwada tsamiya, sannan ta ce, "To, marahaba. Amma ba kullum ba."

Da gari ya waye na sa ta yafa mayafina, na kama hannunta muka fita gaida maƙwabta, don har lokacin ba ta shiga gidan kowa ba. Na fara da gidan wata tsohuwa mai ciwon haƙori.