Tambari da rigar danko

Tambari ɗan dukawa ne, an haife shi a birnin Sakkwato, amma jima ba ta karɓe shi ba. Ƙafa Allah ya ba shi. Shekara takwas bayan shigowar Nasara ya samu aikin masinja a bariki, yana kai takardun Razdan, babban Baturen lardi, ƙauyuka.

Da damina ta kama, Ladan mai kula da sito ya shimfiɗa masa tsofaffin rigunan ruwa biyu na Turawa, ya ce ya zaɓa. Ɗaya an shafe ta da danko, ko ɗigo ba ya ratsa ta. Ɗayar kaki ce mai matsattsiyar saƙa, yayyafi na mirginawa a kanta, amma ruwa in ya daɗe yana zuba sai ya shiga ta kafaɗa.

"Ɗauki kakin, ɗan uwa," in ji Ladan. "Tana barin jiki shi sha iska. Waccan kau tukunya ce da marfi."

"Rigar ruwa da ruwa ka shiga? To mi anka yi ke nan?" Tambari ya ɗauki mai danko, ga ta da ƙyalli.

Ba a yi mako ba aka ba shi takarda zuwa ga Joji, Baturen mulki da ke rangadi a Wurno, aka ce in ta lalace ya nemi wani aiki. Ya soke ta a ƙirji kamar laya, ya maɓalle riga har wuya. Ruwa ya sauko bai taɓa shi ba, ya yi ta yi wa manoma dariya. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, amma ya ƙi tuɓewa, don 'yan mata na kallo. Gumi ya rasa ƙofar fita, ya dinga gangarowa har cikin wando.

A Wurno ya zaro takarda, tawada ta narke kamar rubutun sha. Ya rantse ruwan sama ne. Joji ya sa aka kwara wa rigar tulu guda, cikinta bai ƙara jiƙa ba. Sannan ya sunsuna takardar, ya kau da kai.

"Ranka shi daɗe," in ji tafintan Joji, "wannan ruwan daga cikin gida ya fito."

Joji ya ce ya koma ya karɓo wata, in ita ma ta jiƙe ya ajiye aiki. Da Tambari ya karɓi sabuwar, sai ya tuɓe rigar, ya naɗe takardar a ciki, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a ka. Ruwa ya yi masa dukan jaki har Wurno, takarda ta isa a bushe ƙayau.

Haka ya yi shekara goma sha tara yana aikin, takarda na sanye da riga, shi yana jiƙe. In an tambaye shi, sai ya ce ai takarda ba ta gumi.